Daga ma'arudi zuwa lissafi: yadda aka gyara wasiƙar neman tallafin karatu ta wata ɗaliba a Jidda

Ɗalibar da wannan nazari ya shafa 'yar shekara 18 ce. A Jidda aka haife ta, fasfonta na Najeriya ne, igamarta kuma, wato takardar izinin zama a Saudiyya, tana ƙarƙashin ta mahaifinta, wanda ke gyaran na'urorin sanyaya ɗaki a wani kamfani. Ta gama sanawiyya, wato babbar sakandare, da maki 94 cikin 100, tana neman gurbin karatun koyar da lissafi a wata jami'a ta Afirka, tare da cikakken tallafi daga gidauniyar da ke ɗaukar nauyin ɗalibai a can. Fom ɗin ya nemi wasiƙa da Turanci, wadda ba za ta wuce kalmomi 500 ba, ta bayyana abu biyu: halin da gidansu ke ciki ta fuskar kuɗi, da abin da ke nuna za ta iya jagoranci. Duk abin da aka kawo a nan daga wasiƙar, ma'anarsa ce da Hausa.

Ba kowane tallafi ne ke tambayar waɗannan biyun tare ba, don haka kafin a ɗora alƙalami sai an duba. Shirin ɗalibai na gidauniyar Mastercard, wanda ya fara a 2012 kuma ake nema ta hannun jami'o'i irin su Ashesi a Gana da Makerere a Uganda, yana auna ƙoƙari da buƙata da jagoranci gaba ɗaya. Chevening na Birtaniya kuwa, na masu digiri na biyu, yana tambayar jagoranci amma ba ya zaɓe da talauci, wanda ya cika takardarsa da labarin rashi a can ya yi asarar wuri. Ga 'ya'yanmu na Saudiyya akwai ƙarin sharaɗi da ake yawan tsallakewa: wasu shirye-shiryen fasfo suke dubawa, wasu kuma sai mai nema yana zaune a Afirka. Ɗalibar ta tura wa ofishin ɗaukar ɗalibai tambaya a rubuce, aka amsa mata cewa fasfo ya wadatar, sannan ta fara.

Rubutunta na farko ya kai kalmomi 640. Ga yadda ya buɗe:

"Zuwa ga masu girma, masu tausayi da jinƙai. Ni yarinya ce 'yar talakawa, ba mu da kowa sai Allah sai ku. Ina roƙonku don girman Allah ku dube ni da idon rahama. Mahaifina yana shan wahala ƙwarai, rayuwa ta yi mana tsanani, in ba ku taimake ni ba burina ya mutu."

Duk wanda ya zauna a Makka ko Jidda ya san wannan salo. Ma'arudi ne, takardar koke da ake kai wa hukuma ko attajiri, wadda masu rubutu a bakin ofisoshi suka ƙware a kanta. A inda aka yi shi domin nan yana aiki, domin mai karantawa mutum ɗaya ne da ke da ikon bayarwa daga aljihunsa ko daga kujerarsa, kuma ladabi da ƙanƙan da kai su ne kuɗin shiga. Kwamitin tallafi ba haka yake zama ba. Mai karatu yana da tarin takardu da takardar ba da maki a gefe, gida-gida: buƙata, jagoranci, dacewa da karatun, shirin bayan gamawa. Yana neman abin da zai kafa hujja da shi in abokin zamansa ya ce me ya sa ka ba wannan maki mai yawa. "Rayuwa ta yi mana tsanani" ba ta shiga kowane gida, saboda kusan duk masu nema sun rubuta irinta.

Akwai kuma matsalar da ta keɓanta da ita. Adireshinta Jidda ne. Mai karatu a Accra ko Kampala, da ya ga Saudiyya, abin da zai fara zuwa masa shi ne man fetur da riyal. Ɗalibi daga ƙauye a Jigawa ba sai ya yi dogon bayani ba, sunan garin ya yi masa rabin aiki. Ita kuwa sunan garinta shaida yake bayarwa a kanta, kuma kuka ba ya goge wannan zato, sai ma ya ƙara shi, don mai karatu zai ce ana kuka ne saboda babu hujja.

Saboda haka aka ajiye wasiƙar gefe, aka ɗauko takardun gida.

Nan aka fara cin karo da mahaifin. Albashi sirrin gida ne, kuma mutumin da ya yi shekaru yana rufa wa iyalinsa asiri ba ya son ganin kuɗinsa a takardar da baƙi za su karanta. Cewa ya yi: "Ke yanzu sai kin tona mana asiri kafin su ba ki?" Ta ce: "Baba, fom ɗin ma ya nemi takardar shaidar albashinka da takardar banki. Za su gani ko na rubuta ko ban rubuta ba. Gara su ji bayanin daga bakina." Wannan amsa daidai ce, kuma ita ce dalilin da ya sa lambobin wasiƙa dole su fito daga takardun da za a haɗa, ba daga ƙiyasin zaman falo ba. Takardun da aka tara huɗu ne: ta'arifin albashi, wato takardar shaidar albashi daga kamfani, mai hatimin majalisar 'yan kasuwa, kwantiragin haya na Ijar, dandalin gwamnati na rajistar haya, bayanin asusun banki na wata shida, da rasiɗan biyan kuɗin murafiƙai, wato kuɗin da ma'aikaci baƙo ke biya a kan iyalin da ke ƙarƙashin igamarsa.

Lissafin wata ya fito kamar haka. Albashi riyal 4,500. Kuɗin murafiƙai na mutum huɗu, wato uwa da yara uku, riyal 1,600. Haya riyal 1,500. Wuta da ruwa da waya kimanin 400. Ana tura wa kaka a Kano 300.

Kuɗin murafiƙai shi ne ginshiƙin hujjarta, kuma ba ta ambace shi ko sau ɗaya a rubutun farko ba, saboda a wurinta abu ne da kowa ya sani. A wajen Saudiyya kusan babu wanda ya san shi. An fara karɓarsa a watan Yulin 2017 a kan riyal 100 kowane wata ga kowane mutum da ke ƙarƙashin igamar ma'aikaci baƙo, ya riƙa ƙaruwa da 100 duk shekara har ya kai 400 a 2020. Ba abin da magidanci zai iya tsuke bakin aljihu a kansa ba ne kamar cefane, domin in ba a biya ba, ba a sabunta igama. Jimla ɗaya da ke bayyana wannan ta fi sakin layi uku na "wahala" nauyi, tunda mai karatu zai iya bincikawa ya tabbatar da kansa.

Haya ma tana da tarihi. Iyalin suna cikin waɗanda rusau na 2022 ya tasa, wanda ya shafi unguwanni irin su Gulail da Bitrumin da Sabil. Kafin nan suna biyan riyal 10,000 a shekara, yanzu 18,000. Ɗalibar ta so ta ba da labarin ranar tashin da kwashe kaya da kukan mahaifiyarta. An bar mata rabin jimla kawai. Ba don abin bai yi zafi ba, sai don abin da kwamiti ke buƙata daga labarin shi ne bambancin 8,000.

Sai aka duba bayanin banki aka ga riyal 500 na shigowa kowane farkon wata daga wani asusu. Kawunta ne ke taimakawa. Ita ba ta so a rubuta, tana ganin zai rage mata maki. Wannan kuskure ne da ke kayar da masu nema da yawa. Mai tantance takardu yana ɗora wasiƙa a kan bayanin banki, in ya ga kuɗi na shiga a kai a kai kuma ba a ambata ba, ba zai ce "ai 500 ne kawai" ba, zai fara tambayar me kuma aka ɓoye. Da aka saka shi, kuɗin shiga ya zama 5,000 a wata. A cire 3,800 na abubuwan da aka lissafa, saura 1,200 na abinci da mota da sutura ga mutum biyar, wato riyal 8 ga kowane mutum a rana. Gaskiyar ta fi abin da ta so ɓoyewa ƙarfi.

An mayar da lambobin zuwa dala saboda mai karatu bai san darajar riyal ba. Wannan bai da wuya, tunda riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75. Kuɗin karatu da masauki da abinci na shekara, kamar yadda jami'ar ta wallafa, dala 9,000 ne. Ga sakin layin buƙata bayan gyara:

"Mu biyar ne a gida, kuɗin da ke shigo mana a shekara dala 16,000 ne: albashin mahaifina da gudummawar wata-wata daga kawuna. Da yake mu baƙi ne a Saudiyya, mahaifina yana biyan riyal 400 a wata a kan kowannenmu mu huɗu domin izinin zama, dala 5,120 ke nan a shekara, kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da muke samu. Haya ta tashi daga dala 2,670 zuwa 4,800 bayan rushe unguwarmu a 2022. In an cire wuta da ruwa da abin da muke tura wa kakata, dala 3,840 ke ragewa na abinci da sufuri. Shekara ɗaya a jami'arku ta ninka wannan fiye da sau biyu. Mahaifiyata ta tara riyal 2,000 ta hanyar adashi domin tikitin tafiyata. Sauran shi nake nema."

A lura da abin da babu a ciki. Babu "talaka", babu "wahala", babu "don Allah". Kowace jimla tana da takarda a bayanta, ban da ta adashi. Ita kuma jimlar adashin tana yin wani aiki dabam: tana nuna gidan ya yi iya nasa kafin ya nemi na wani, kuma tana faɗin iyakar abin da ake nema. A nan ne roƙo da nema suka rabu. Mai roƙo yana cewa ba ni da komai. Wannan tana cewa ga abin da ke hannu, ga farashi, ga giɓin da ke tsakani.

Wani zai ce ai tafiyarta za ta sauke wa mahaifin riyal 400. Mai yi mata tambayoyin baka zai iya kawo wannan in ya san ƙasar. Amsar ita ce muddin ana son igamarta ta ci gaba da aiki don ta iya dawowa hutu wurin iyayenta, sai an ci gaba da biya. Ba a sa wannan a wasiƙa ba saboda ƙarancin wuri, an dai shirya mata amsar.

Ɓangaren jagoranci ya fi cin lokaci, kuma matsalarsa akasin ta farko ce. A buƙata ta zuba fiye da kima, a nan kuma ta ƙi faɗin komai. Abin da ta rubuta shi ne: "Ni mai son taimakon mutane ce, ina da haƙuri da riƙon amana, kuma na yi imani zan zama shugaba nagari." Ta kuma ƙara cewa ta taɓa zama monita a aji biyu na mutawassiɗa, wato ƙaramar sakandare. Siffofi uku da muƙami ɗaya, babu aiki ko ɗaya. Da malamarta ta tambaye ta ko akwai abin da ta taɓa farawa da kanta, cewa ta yi: "Abla, babu. Sai dai ɗan karatun da muke yi wa yaran maƙwabta, wannan kuwa ba komai ba ne."

Wannan "ba komai ba" shi ne ya zama zuciyar wasiƙar. Tarbiyyarmu ta hana yarinya ta ce ni na yi, kuma yabon kai jahilci ne a bakin kowa. Hanyar fita ba koya mata alfahari ba ce. Tambayoyi aka yi mata masu amsa da lamba ko da aikatau: yaushe aka fara, da yara nawa, wa ya kawo shawarar, me ya lalace, wa ya gyara, wa ke riƙe da abin yanzu. Mai ba da labarin abin da ya faru bai yabi kansa ba, ko da shi ya aikata.

Amsoshin sun nuna cewa bayan sun koma sabuwar unguwa ta lura ƙanwarta da wasu 'yan mata biyar na maƙwabta suna faɗuwa a lissafi. Ta fara zama da su a falonsu, dare uku a mako bayan magariba. Cikin wata huɗu suka kai 14, falo ya cika, sannan zuwa ya fara raguwa. Ta bi gidajen ta tambayi iyaye mata, ta gano ba sa son 'ya'yansu mata su riƙa dawowa bayan isha'i. Ta mayar da zaman bayan la'asar, ta raba yaran gida biyu bisa aji, ta shawo kan ƙawayenta biyu su ɗauki rukuni ɗaya a gidan ɗayarsu. Ta buɗe littafin rajista tana rubuta zuwa da makin kowace yarinya a ƙarshen zango. A shekara ta biyu yara 23 ne. Cikin 11 da suka zo da faɗuwa a lissafi, 9 sun ci a zangon da ya biyo.

Akwai kuma abin da ta so a binne. Ta taɓa sa wa kowace yarinya riyal 10 a wata na hoton takardu, cikin mako biyu yara shida suka daina zuwa, kuma su ne mafi buƙata. Ta soke kuɗin, ta koma rubuta tambayoyi a allo yara suna kwafa, ta je gidajen shidan da kanta, biyar suka dawo. An dage sai wannan ya shiga. Labarin da komai ya tafi daidai yana kama da ƙirƙira, kuma ba ya nuna yadda mutum ke tunani in ya yi kuskure. Jimla biyu ya ci, amma a cikinsu mai karatu ya ga ta yanke shawara, ta ga sakamakon, ta janye, ta kuma ɗauki nauyin gyarawa.

Sai batun "mun" da "na". Rubutunta na biyu duk "mun fara, mun raba, mun gyara" ne, har ba a gane ko ita ce jagorar ko ɗaya daga cikin masu zuwa. An bi jimlolin ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: wa ya yi wannan da hannunsa? Inda ita ce, aka sa "na". Inda su uku ne, kamar koyarwar kanta, aka bar "mun". Ba a ƙwace wa ƙawayen haƙƙinsu ba, an ma ambaci cewa ɗayarsu ce za ta riƙe rajista da rukunonin in ta tafi, wanda shi ma hujja ce cewa abin bai rataya a wuyan mutum ɗaya ba. Monitancin mutawassiɗa an cire shi gaba ɗaya.

Shirin bayan karatu shi ma ya zo da alkawarin da ya fi ƙarfin baki: "zan koma ƙasata in gina makarantu in kawar da jahilci." Yarinyar da sau biyu kacal ta taɓa zuwa Kano, kuma fom ɗinta ya nuna haka. An nemi abin da ta sani wanda wani bai sani ba. Tun da kuɗin murafiƙai ya hau, ta ga maƙwabta suna mayar da iyalansu gida, kuma 'ya'yan kawunta da aka mayar sun sha wuya a makaranta, domin da Larabci suka koyi lissafi da kimiyya, can kuma da Turanci ake yi. Ita tana da Larabci da Hausa da Turanci. Sai shirin ya zama koyar da lissafi a sakandare a Kano, tare da buɗe ajin yamma na irin waɗannan yara da suka dawo. Ƙarami ne, amma ya fito kai tsaye daga aikin da ta riga ta yi shekara biyu tana yi, kuma ya bayyana dalilin zaɓen wannan fanni ba likitanci ba.

Tsarin jerin ma an juya shi. A rubutun farko buƙata ce a gaba, ta cinye fiye da rabi. Wasiƙar da ta buɗe da rashi, duk abin da ya biyo baya da idon tausayi ake karanta shi. A na ƙarshe an buɗe da 'yan mata shida a falo da abin da take son karantawa, kalmomi kusan 60. Jagoranci ya ɗauki 190, buƙata 130, shirin gaba 90, rufewa 30. Kafin mai karatu ya isa ga lissafin riyal, ya riga ya san wace ce ake maganar ɗaukar nauyinta.

Rufewar ta janyo gardama da mahaifiyar, wadda ta ga rashin ladabi ne a gama wasiƙa ba addu'a ba magiya. Ladabi bai fita ba, wurinsa aka rage: gaisuwa ɗaya a sama, godiya ɗaya a ƙasa. "In ba ku taimake ni ba burina ya mutu" an goge ta, domin tana ɗora wa mai karatu laifi tun bai yi komai ba, tana kuma nuna mai nema ba ta da wata dabara. Abin da ya maye gurbinta shi ne: "Na nemi gurbin cikin gida a jami'o'in Saudiyya ma, amma karatu da Turanci nake buƙata domin aikin da na sa a gaba. Na gode da lokacin da kuka ba takarduna."

Dubawa ta ƙarshe an yi ta ne da dukkan takardun a shimfiɗe. An samu kuskure biyu. Sunan mahaifi a ta'arifin albashi an juya shi daga Larabci da wasu haruffa dabam da na fasfonta, sai aka koma wurin mai fassara ya daidaita da fasfo. Na biyu kuma yana cikin takardar shaidar malamar, wadda cikin son alheri ta rubuta cewa ɗalibar na koyar da "yara sama da 30". Wasiƙa ta ce 23, rajista ma 23. An kai wa malamar littafin ta gani, ta gyara lambar, ta sake sa hannu, aka tura kwana huɗu kafin a rufe.